Kalmomin da suka fara da "ruwan": wanne ne harɗaɗɗe, wanne ne ruwa kawai?

Ɗalibar Hausa, Pantami: Assalamu alaikum jama'ar gida, don Allah a taimaka min. An ba mu aiki a makaranta wai kowa ya zaɓi kalma ɗaya ya tattaro harɗaɗɗun sunaye 20 da suka fara da ita, ni sai na ɗauki ruwa don na ga kamar zai yi sauƙi, na rubuta 20 cif na kai, malamin ya dawo min da takarda ya soke guda 9 da jan biro bai ce min komai ba sai "sake tunani". Waɗanda ya soke: ruwan rijiya, ruwan famfo, ruwan kogi, ruwan randa, ruwan tulu, ruwan tafki, ruwan wanka, ruwan alwala, ruwan miya. Waɗanda ya bari: ruwan sama, ruwan ido, ruwan dare, ruwan toka, ruwan hoda, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan zafi, ruwan sanyi, sai ruwan leda da ya sa wa alamar tambaya. To ni abin da ya ɗaure min kai meye bambancin ruwan sama da ruwan rijiya? Ba duka ruwa ba ne da inda ya fito? Ranan Litinin zan mayar.

Ɗan Tumfure: Wa alaikumus salam. Ƙara da kuɗin ruwa, shan ruwa, bakin ruwa, jirgin ruwa, mai ruwa. Biyar kenan kyauta ban caje ki ba.

Ɗalibar Hausa, Pantami: Hamma na gode amma ruwan ne ake so ya zo a farko, naka duk a ƙarshe yake

Ɗan Tumfure: Au haba. To ruwa ba ya tsami banza, wannan ai a farko yake

Adda mai atamfa: Kai dai Allah ya shirye ka, wannan ai karin magana ne ba kalma ba. Ƙanwata in launi kike so zo shagona ki kwasa, mu kullum da su muke ciniki. Ruwan makuba, ruwan malmo, ruwan hanta, ruwan madara, ruwan omo, ruwan ƙwai, ruwan zuma, ruwan gwal, ruwan ganye. Mace za ta zo ta ce Adda ina son leshi ruwan hanta, ba wanda zai tafi mahauta ya matso mata hanta, kowa ya san me take nufi. Ga tara nan sun cika miki ki je ki huta.

Mai shayi, Tashar Dukku: A sa ruwan bunu. Shayi ne ba madara, na ƙarshen wata. Kuma ba bunu a ciki wallahi kar a ɓata min sana'a

Wani ɗan Kumo: Ni yadda aka koya mana abin ba wuya. In ma'anar ta ɓuya, wato in ka haɗa kalmomin biyu suka haifi wani abu daban da ba ruwa ba, to harɗaɗɗe ne. Ruwan ido ba ruwa ba ne, hali ne na mutumin da ya kasa zaɓe, a kai shi gaban shadda goma ya wuni yana ɗauka yana ajiyewa. Ruwan rijiya kuwa ruwa ne, ki ɗebo ki sha. Shi ya sa ya soke. Shikenan.

Ɗalibar Hausa, Pantami: To ruwan sama fa? Shi ma ai ruwa ne, muna tara a baho mu yi wanki da shi, me ya ɓuya a ciki? Kuma bai soke ba

Wani ɗan Kumo: Hmm. To wataƙila mantawa ya yi bai soke ba

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Bai manta ba ɗana. Abin da ka faɗa gaskiya ne amma rabin maganar ce. Na yi shekaru ina koyar da wannan a sakandare kafin in ajiye alli, kuma kullum a nan yara suke tuntuɓe, bari in ɗan ja magana ku yi haƙuri da tsoho.

'Yata, ki bar ma'ana tukuna, ki gwada raba kalmomin biyu ki gani ko za su yarda. Ɗauki ruwan rijiya ki cusa wani abu a tsakiya. Ruwan wannan rijiya. Ruwan tsohuwar rijiya. Ruwan wata rijiya da ke bayan masallaci. Duk sun zauna lafiya kuma ma'anar ba ta motsa ba, don kalmomi biyu ne kowace da 'yancinta, wannan -n ɗin ce kawai ta riƙe su kamar yadda take riƙe gidan Audu ko wandon yaro. Yanzu yi haka da ruwan sama. Ruwan wannan sama? Ruwan tsohuwar sama? Kunnenki zai gaya miki ba Bahaushen da ke faɗin haka. Sun manne, sun zama sunan abu guda. Kuma ma'anar ma da kike cewa ba ta ɓuya ba, ta ƙuntata fa. Tankin da aka ɗora a saman bene ruwan cikinsa daga sama yake saukowa, amma in kika ce wa mai gidan yana wanka da ruwan sama zai ce a'a, na bohol ne. Kin ga ba duk ruwan da ke sama ne ruwan sama ba, amma duk ruwan da ke rijiya ruwan rijiya ne.

Ɗalibar Hausa, Pantami: Ikon Allah. Bappa na gwada da tulu da randa da kogi duk sun rabu, ruwan sabon tulu, ruwan babbar randa, ruwan wancan kogi. To ruwan alwala da ruwan wanka fa, su ba wuri ba ne aiki ne

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Akwai gwaji na biyu, shi ya fi kama waɗannan. Ki mayar da gajeriyar mallaka doguwa, wato -n ta koma na, ki yi kamar ana tambayarki. Wannan ruwan na meye? Na alwala ne. Na wanka ne. Na miya ne. Ya tafi daidai ko? To gwada: wannan ruwan na meye? Na ido ne. Wanda ya ji zai ɗauka hawaye kike nufi ko maganin ɗigawa, batun kasa zaɓe ya gudu gaba ɗaya. In kin raba ma'anar ta tsaya, ba harɗaɗɗe ba ne. In kin raba ma'anar ta zube, shi ne.

Amma kar a ruɗe da abin da aka liƙa a ƙarshe. Ana cewa ruwan idonta ya yi yawa shi ya sa har yanzu ba ta fitar da miji ba. Wannan -nta ɗin ba idon take nunawa ba, duk kalmar ta ɗauka a dunƙule. A tsakiya ake gwaji ba a wutsiya ba.

Maman 'yan biyu, Kaltungo: Ni fa ina da ƙorafi a kan ruwan toka. Ku kuna ta cewa launi, mu a nan ruwan toka abin miya ne. Ana ƙona karan dawa ko na gero a kwashe tokar a zuba a tsohuwar ƙwarya ko gwangwani da aka huda ƙasansa, a ɗan sa ciyawa ko tsumma a gindin don kar tokar ta bi, a zuba ruwa a kai a ajiye kwano a ƙasa yana ɗiga a hankali. Wanda ya fara ɗigowa shi ne mai ƙarfi, cokali ɗaya zuwa biyu ya ishi tukunyar miyar kuɓewa ko karkashi, in ya yi yawa miyar ta yi ɗaci ta yi warin sabulu. Madadin kanwa ne. To wannan ruwa ne na gaske kuma na toka ne, sai a soke shi kenan?

Adda mai atamfa: Kuma abin mamaki shi wannan na miyan ba ruwan toka ba ne a ido, ja-ja yake fitowa kamar shayin mai shayinmu na sama

Mai shayi, Tashar Dukku: Adda a bar ni in ci abinci mana

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Maman 'yan biyu Allah ya yi miki albarka, kin kawo misalin da ya fi nawa. Ruwan toka biyu ne ashe. Naki na miya a gwada shi: ruwan tokar kara, ruwan tokar da na ƙona jiya, wannan ruwan na toka ne ba na kanwa ba. Ya rabu lafiya, to wannan jeren mallaka ne kamar ruwan rijiya. Na Adda kuwa, mota ruwan toka, ba za ki ce mota ruwan tokar kara ba, ba za ki ce mota ruwa na toka ba. Kuma abin da Adda ta lura da shi shi ne hujja mafi ƙarfi, ruwan toka na gaske ba ruwan toka ba ne. Launin daga busasshiyar tokar aka ɗauko shi, kalmar ruwa a nan ta tashi daga abin sha ta koma nufin launi.

Ku duba wani abu kuma. Fari yana bin jinsi da adadi: farin wando, farar riga, fararen motoci. Amma wando ruwan toka, riga ruwan toka, motoci ruwan toka, ko gezau ba ya yi. Ba wanda ke cewa motoci ruwayen toka.

Saboda haka 'yata kar ki rubuta kalma tsurarta. Kowace ki sa mata jimla ɗaya a gefe, don kalmar ba ta nuna kanta sai a cikin magana. Ruwan dare ma haka yake. Ruwan daren jiya ya rushe mana katanga, wannan ruwa ne da aka yi da dare. Wayar hannu ta zama ruwan dare, wannan shi ne harɗaɗɗen, guntun ruwan dare gama duniya ne aka yanke.

Wani ɗan Kumo: To ai Bappa maganata ce ta dawo, ma'ana ce ke raba su

Bappa tsohon malami, Jekadafari: A waɗannan biyun e. Bari in ba ka inda ma'ana kaɗai za ta yaudare ka. An yi musu ruwan duwatsu. Akwai ruwa a ciki? Babu ko ɗigo. A ƙa'idarka harɗaɗɗe ne kenan. To amma ana cewa ruwan manyan duwatsu, ruwan sababbin kuɗi a wajen biki, ruwan ƙwallaye a raga, ruwan ashar, gobe wani ya ce an yi masa ruwan saƙonni a waya kowa ya gane. Nan kalmar ruwa ce ita kaɗai ta ɗauki ma'anar abin da ke zubowa da yawa, ƙofa a buɗe take ka sa duk abin da ka ga dama a bayanta. Ni ba zan lissafa su ɗaya-ɗaya a matsayin harɗaɗɗu ba. Ruwan wuta ne kawai nake ɗan jinjinawa don ya kama hanyar mannewa, 'yan jarida sun riƙe shi a labarin yaƙi.

Ɗan Tumfure: To Bappa in haka ne launukan Adda ma ƙofa a buɗe take ai. Ni yanzu in na ce riga ruwan kunun gyaɗa ko ruwan zoɓo za a gane ni. Ya za a karɓi nata a ƙi ruwan duwatsu?

Adda mai atamfa: Yau dai ka yi magana mai kai. Wallahi ana yi, wata ta taɓa ce min ruwan cakulan take so, wata ruwan siminti

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Ka kama ni a nan ɗana, ban da amsa mai yanke magana. Abin da zan iya cewa, akwai waɗanda suka zauna har mutum yana faɗinsu bai san asalin abin ba. Yara nawa ne a Gombe yau suka taɓa ganin makuba? Ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne ake jiƙawa ko a dafa, ruwan ya yi ja mai duhu, a yayyafa a daɓen ɗaki ko a shafe katanga don ta yi ƙarfi. Garin cikin kwanson kuma shi ne rawaya, shi ya ba mu ruwan ɗorawa. Itace ɗaya launi biyu. Wadda ta ce leshi ruwan makuba ba ta tuna daɓe, sunan launi kawai ta sani. Wannan ya zama kalma. Ruwan kunun gyaɗa kuwa sai na hango kofin kunun kafin in gane ka, kwatance ne kake yi. Amma a ina aka ja layi tsakaninsu, wannan kam ko malaman jami'a za su yi ta ja.

Wata 'yar Bauchi a Bolari: Ni tambayata daban, ƙawata rana ta ɗauka a irin wannan aikin kuma ta maƙale. Ta samu ranan suna, ranan kasuwa, ranan sallah, ranan aure, sai ta lura duk ba ranan da ke sama ba ce, yini ne. Ta nemi ko ɗaya da ke nufin rana mai zafi ta rasa

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Ta lura da abu mai kyau. Rana ta sama in ta shiga irin wannan jeren baya take komawa: hasken rana, zafin rana, fitowar rana, faɗuwar rana, tsakar rana. In ta zo gaba da -r kusan kullum yini ce. Kuma yawancin nata za su faɗi a gwajin, ranar babbar kasuwa, ranar ƙaramar sallah, ranar auren yayata, duk sun rabu. Waɗanda za su tsira 'yan kaɗan ne, irin ranar gobe da ake nufin ƙiyama, da ranar ƙin dillanci. Ta zaɓi kalma mai rowa, da ta ɗauki baki ko ciwo ko gida da tuni ta gama.

Sannan ki gaya mata a takarda ta rubuta ranar, ba ranan ba. Mu nan da Bauchi bakinmu ya saba da -n a komai, motan, rigan, ranan, ba laifi ba ne a hira, amma mai duba takarda daidaitacciyar Hausa yake bi, rana mace ce, zai ci ta maki a banza.

Wata 'yar Bauchi a Bolari: Bappa ai ni ma yanzu na ga abin da na rubuta a sama, kunya ta kama ni

Ɗalibar Hausa, Pantami: Nima ranan Litinin na rubuta. To saura waɗanda ba su da -n ɗin, yanzu suka faɗo min: ruwa biyu, ruwa-ruwa, ruwa a jallo, ruwa da tsaki. Zan iya sawa?

Wani ɗan Kumo: Ruwa biyu kam sa shi da ƙarfinki, wanda uwa ƙabila daban uba daban, ba ruwa ba kuma ba a cewa ruwa guda biyu a wannan ma'anar, kin ga na koyi gwajin Bappa. Ruwa-ruwa kuma ninki ne ba haɗi ba, kalma ɗaya ce aka maimaita kamar ja-ja da Adda ta faɗa ɗazu

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Daidai. Sauran biyun ni da zan bar su a gefe. Ruwa a jallo ba ya tafiya sai da nema, ana nemansa ruwa a jallo. Ruwa da tsaki ba ya tafiya sai da yi, ya yi ruwa ya yi tsaki a maganar, kin ga ma har rabuwa yake. Salon magana ne ba sunan wani abu ba. In kina so ki sa su a ƙasan takarda ki ce kin gan su ga dalilin da ya sa ba ki lissafa ba, malami mai adalci zai ji daɗin haka.

Mai shayi, Tashar Dukku: Ba wanda ya yi maganar ruwan zafi, nan ne fagena. In direba ya ce min ba ni ruwan zafi, shayi yake so, in na miƙa masa ruwa mai zafi tsura sai mun yi faɗa. Amma matata da ta haihu ruwan zafin da aka yi ta dafa mata na wanka ne. To wanne malamin ya bari?

Maman 'yan biyu, Kaltungo: Irin na toka ne, biyu ne. Haka ruwan sanyi, na randa daban, an raba su cikin ruwan sanyi daban

Ɗalibar Hausa, Pantami: Saura ruwan leda mai alamar tambaya

Ɗan Tumfure: Harɗaɗɗe ne mana. In ƙanwata ta ƙulla ruwa a farar leda ta sa a firji ba ma ce masa ruwan leda, sai dai ƙullin ruwa ko ƙanƙara. Ruwan leda shi ne na kamfani, piya wata

Adda mai atamfa: A'a ban yarda ba. Kana iya tambayar mai shago na leda ne ko na gora, ya ce na leda. Ga shi ya rabu kuma ma'anar tana nan. Gwajin Bappa na biyu ya kayar da shi

Ɗan Tumfure: Amma na farko bai kayar ba, wa ke cewa ruwan wannan leda yana nufin piya wata

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Shi ya sa malaminta ya sa tambaya bai soke ba, ni ma ita zan sa. Ruwan sama ma in kun matsa ana cewa na sama ne ko na famfo, gwajin biyu ba kullum suke faɗa da murya ɗaya ba. Kuma kar ki ce za ki nemi hukunci a tsohon ƙamus, na Bargery a 1934 ya fito, lokacin ba ruwan leda ba omo. Ki duba shi da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 a ƙarƙashin ruwa don tsofaffin da muka manta, sababbin kuwa kunnenki da kasuwa.

Ɗalibar Hausa, Pantami: Na gode ƙwarai jama'a. Ga tara da zan cike da su: ruwan makuba, ruwan malmo, ruwan hanta, ruwan madara, ruwan omo, ruwan bunu, ruwan wuta, ruwa biyu, na taran ina tsakanin ruwan zuma da ruwan ƙwai. Tambaya ta ƙarshe Bappa, in sa karan ɗori a tsakani, ruwan-ido, ko in bar su a rabe?

Bappa tsohon malami, Jekadafari: Ni a rabe nake rubuta masu -n, karan ɗori ina ajiye shi ga irin su dafa-duka da hana-salla da faɗi-tashi. Amma na ga littattafan da ke sa wa duka. Ki duba yadda malaminki ya rubuta a allo ki bi shi, shi ke riƙe da jan biron. Kuma launuka sun yi miki yawa a jerin, da na farko da na yanzu sun kai rabi, zai iya cewa hanya ɗaya kika bi kika tsinto.

Adda mai atamfa: Sa ruwan ƙwai ki wuce, tun ɗazu kina tsakanin zuma da ƙwai, ke ma ruwan idon ne ke damunki

Mai shayi, Tashar Dukku: Ruwan batir fa? Ba a sha, kuma ba wanda ya ambace shi

Wani ɗan Kumo: Ruwan tsohon batir. Ya rabu

Ɗan Tumfure: Amma wanda ake sayarwa a kwalba bai taɓa shiga batir ba kuma sunansa kenan, Bappa ina kake

Adda mai atamfa: Bappa ya tafi masallaci, an kira magariba